Kiriyatin: lodi ko kaɗan-kaɗan?

"Salam ƴan uwa, na siyo kiriyatin a Sabon Gari, wani a jim ɗinmu ya ce sai na yi lodi giram 20 kullum, wani kuma ya ce giram 5 ya isa. Wanne ne daidai, kuma me yake yi a jiki ne wai?"

Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Duka biyun gida ɗaya suke kai ka, bambancin kawai sauri ne.

Abin da tsoka take ƙonawa in ka ɗaga ƙarfe shi ne wani sinadari mai suna ATP, kuma wanda ke ajiye a tsoka bai wuce na sakan 2 zuwa 3 ba in ka sa ƙarfinka duka. Da an yi amfani da shi sai ya yar da fosfet ɗaya ya koma ADP, to anan fosfokiriyatin, wato kiriyatin ɗin da ke ajiye a tsoka riƙe da fosfet, yake shigowa, ya miƙa masa nasa fosfet ɗin nan take ya sake zama ATP, shi ya sa kake iya kai wajen sakan 10 kana bada wuta kafin ka ji hannu ya mutu. Garin da ka siyo wannan ma'ajiyar yake ƙarawa, kamar kashi 20 cikin ɗari ko sama, wanda ba ya cin nama sosai ya fi ganin canji.

Ka ɗauka randa ce. Mai lodi da bokiti yake zubawa, giram 20 a rana, a raba 5-5 sau huɗu, kwana 5 zuwa 7 ta cika, daga nan ya sauko 3 zuwa 5. Ɗayan da moɗa yake zubawa, giram 3 zuwa 5 kullum har ranar da bai je jim ba, sai kamar sati huɗu ta cika. In ta cika fa ta cika, duk abin da ka ƙara fitsari ne zai tafi da shi.

Lissafa, satin lodi giram 140 zai ci maka, ɗayan 35. Ga kumburin ciki ko gudawa musamman in ka afa 20 ɗin lokaci guda, sannan sikeli zai iya hawa kilo 1 zuwa 2 cikin satin, kar ka yi murna wlh ruwa ne tsoka ta ja. Ni dai in ba gasa ce da kai nan kusa ba 5 ɗin zan bi, kuma da zafin Kanon nan ka dinga shan ruwa sosai.

Yadda za ka gane ya kama: nauyin da kake yi sau 8 ka ga ka ƙara ɗaya ko biyu, kuma zagaye na uku ba ya zubewa kamar da, in dai kana huta minti 3 zuwa 5 fosfokiriyatin ya sake taruwa. Dogon gudu kuwa, irin zagaye filin wasa na Ƙofar Mata, kusan babu abin da zai ƙara maka.

In kana da ciwon ƙoda ka fara ganin likita, kuma in za a yi maka gwajin ƙoda ka faɗa musu kana sha, don yakan ɗan ɗaga kiriyatinin a jini, wato abin da suke aunawa su gane lafiyar ƙoda.