Lamba mai tafiya da lamba mai tsalle: abin da saitin ma'auni ke gyarawa da abin da ba ya gyarawa

"Ma'aunin ɗakin gwajinmu mai karanta har miligiram 0.1 ya ƙi tsayawa wuri guda. Wata rana lambar ta yi ta hawa a hankali, wata rana kuma ta yi ta tsalle sama da ƙasa. Na danna maɓallin saiti, CAL, ya fi a ƙirga, na danna na mayar da lamba sifili, TARE, ba ta sauya zani ba. Ma'aunin ne ya lalace, ko ni ce ban iya ba?"

Malama, kafin a yanke wa ma'aunin hukunci, ki ɗauke samfurin, ki ɗora dutsen awo na ƙarfe da hantsaki a tsakiyar faranti, ki rufe ƙofofin gilashin, ki zuba ido na minti ɗaya. Idan lambar ta tsaya, ko ta motsa da ɗigo ɗaya ko biyu na ƙarshe kawai, ma'aunin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana jikin abin da kike aunawa. Idan kuwa har da ƙarfen tana tafiya, sai a duba ko an ba ma'aunin lokacin ɗumama bayan an jona shi da wuta (aƙalla awa ɗaya, ko abin da littafinsa ya faɗa), ko rana na dukansa, ko iskar na'urar sanyaya ɗaki na busa shi, ko teburin na girgiza. A mafi yawan lokuta ƙarfen yakan tsaya, kuma daga nan ne za a rarrabe alamomin biyu da kika gani, domin ba cuta ɗaya ba ce.

Lambar da ke tafiya gefe guda a hankali tana nuna cewa wani abu yana sauyawa da gaske a kan faranti. Mazubin da aka ciro daga tanda bai gama hucewa ba yana ɗumama iskar da ke kewaye da shi, iskar ta tashi sama tana jan jikinsa, iskar da ke cikinsa ma ta fi ta ɗakin sauƙi, don haka sai ya nuna ƙasa da nauyinsa, lambar ta riƙa hawa yayin da yake hucewa. Wanda aka ciro daga firji yana yin akasin haka da farko, sannan ga raɓa tana taruwa a jikinsa. Sinadari mai shan laima, kamar sodiyom haidiroksaid ko kalsiyom kuloraid, yana ƙara nauyi muddin a buɗe yake, mai tashi kamar asiton kuwa raguwa yake yi ba tsayawa. Inda ake gane su shi ne idan an rufe mazubin da murfi: tafiyar da laima ko tashin sinadari ya jawo takan tsaya nan take, ta zafi kuwa sai ta ci gaba har mazubin ya daidaita da ɗakin. Maganin zafi haƙuri ne, wato a bar mazubin cikin desiketa, rufaffen mazubin nan mai hana laima, kusa da ma'aunin kamar rabin awa, ko fiye idan gilashin mai kauri ne.

Lambar da ke tsalle kuma, galibi cajin lantarki ne da ya maƙale a jikin mazubi. A nan nauyin bai sauya ba ko kaɗan. Cajin ne ke jan gilashin ƙofa ko ƙasan ɗakin awon, ma'aunin kuma ba ya bambanta wannan jan da nauyi, duk ƙarfin da ya taɓa farantinsa zai karanta shi a matsayin giram. Roba ce kan gaba wajen riƙe caji, sai gilashin da aka goge da busasshen ƙyalle, sai busasshen gari, kuma abin yana tsananta idan laimar ɗakin ta yi ƙasa da kashi 40 cikin 100. Alamarsa mafi ƙarfi ita ce rashin maimaituwa: ki ɗauke mazubin ki mayar, ki ɗan juya shi, za ki sami wata lamba daban, wani lokaci da bambancin miligiram da dama. Ki kawo hannu kusa da ƙofar ba tare da kin taɓa ba, lambar za ta motsa. Idan gari ne, za ki ga yana tashi daga cokali yana manne wa gefen mazubin maimakon ya sauka ƙasa.

Akwai inda alamomin biyu ke rikitar da mutum, domin caji ma yana iya sa lamba ta riƙa tafiya gefe guda yayin da yake zurarewa a hankali. A nan gwajin ɗaukewa da mayarwa ne ke raba gardama. Mazubi mai ɗumi zai dawo daidai inda tafiyarsa ta kai, mai caji kuwa ba shi da tabbas. Idan an tabbatar caji ne, a wuce da mazubin gaban ayonaiza, na'urar da ke kashe caji, na 'yan daƙiƙu, ko a sauya shi da na ƙarfe, ko a ɗora shi cikin wani ɗan mazubin ƙarfe da zai kewaye shi, a kuma daina goge shi dab da awo. Jira yana warkar da zafi, amma a busasshen ɗaki caji yana iya daɗewa a jikin roba, saboda haka wanda ya zauna jira a nan lokacinsa kawai yake ɓatawa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da CAL ko TARE za su taɓa, domin aikinsu daban ne, kuma su kansu biyun ba aikinsu ɗaya ba. TARE yana mayar da abin da ke kan faranti a wannan lokacin ya zama sifili. CAL kuwa yana gyara yadda ma'aunin ke juya ƙarfin da ya ji zuwa giram, ta hanyar gwada shi da dutsen awo sananne, na cikin na'urar ko na waje. Saboda haka kuskuren TARE adadi ne tsayayye da ke bin kowane awo, kuskuren saiti kuwa yana girma ne tare da nauyi. Ɗauki misalin wadda ta danna TARE ƙofa a buɗe, ko kafin alamar tsayuwa ta bayyana, sifilinta ya kauce da miligiram 0.5. Idan samfurinta miligiram 50 ne, ta yi kuskuren kashi 1 cikin 100 tun ba ta zuba ruwa a kai ba, alhali a kan giram 100 wannan kaucewar ba a bakin komai take ba. Juya lamarin: ma'aunin da saitinsa ya kauce har yana ƙara miligiram 1 a kan giram 100 ba zai iya ɓata awon miligiram 50 ba, domin rabonsa a can bai kai abin da allon zai nuna ba. A ganina wannan ne abin da masu auna ƙananan samfura suka fi sakaci da shi: suna damuwa da takardar saiti, suna kuma danna TARE da gaggawa.

Sauran kurakuran TARE sanannu ne. A cire nauyin mazubi da murfinsa sannan a auna babu murfin, ko a riƙe shi da hannu tsirara bayan an danna, ko gari ya zube a faranti a wajen mazubin ya shiga lissafi. Haka nan TARE ba ya mayar wa ma'auni ƙarfin ɗaukarsa, domin mai ɗaukar giram 220 da aka ɗora wa kwalbar giram 150, saura giram 70 gare shi ko da allon yana nuna sifili. Idan an gama awo aka ɗauke komai aka ga lambar ba ta koma daidai nauyin mazubin da alamar ragi ba, sifilin ya motsa a tsakani, sai a sake.

Saiti yana da lokacinsa: bayan an matsar da ma'aunin, bayan an daidaita ƙafafunsa har kumfar ta shiga tsakiyar da'ira, da kuma idan zafin ɗakin ya sauya sosai. Matsarwar ba ƙaramin abu ba ce, tunda jan ƙasa yana raguwa da tsayi, har dutsen giram 200 yakan nuna ragin kusan miligiram 0.6 idan an hau da ma'aunin tsayin mita 10 ba a sake saita shi ba. Dutsen gwajin ma dole ya fi ma'aunin inganci. Na ajin E2 mai giram 100 an yarje masa kaucewar miligiram 0.16 ne kawai, kuma zanen yatsa ɗaya yana iya cinye wani kaso na wannan.

Akwai kuskure ɗaya da ba ya motsa lamba ko kaɗan, wanda ma'auni mai lafiya da saiti mai kyau ba su kawar da shi, shi ne tallabar iska. Kamar yadda guga ke yin sauƙi a hannu tun yana cikin ruwa, haka iska ke rage wa kowane abu nauyi gwargwadon girman wurin da ya mamaye, kusan miligiram 1.2 a kowace mililita. An saita ma'aunin da ƙarfen da kowace mililitarsa ke da giram 8.0, don haka duk abin da ya fi ƙarfe girma a nauyi ɗaya zai nuna ƙasa da gaskiyarsa. Ga gyaran, inda m shi ne nauyin gaskiya, W shi ne abin da allo ya nuna, d kuma giram nawa ke cikin mililita ɗaya ta samfurin:

```
m = W × (1 − 0.0012/8.0) / (1 − 0.0012/d)
```

A ce ana gwada fifet, bututun gilashi na auna ruwa, mai mililita 10 da ruwa a zafin digiri 20, allo ya nuna giram 9.9715. Ga ruwa, gyaran ya kama ninkawa da 1.00105, sai nauyin gaskiya ya zama giram 9.9820. A raba da 0.9982, nauyin mililitar ruwa a wannan zafin, a sami mililita 10.000. Wanda ya manta da iska zai sami 9.989, ya zargi fifet ɗin da gibin kusan mililita 0.01, rabin abin da aka yarje wa fifet na ajin A mai wannan girma ke nan, alhali ba shi da laifi. Ga sodiyom kuloraid, wanda mililitarsa ke da giram 2.16, gyaran ya sauka zuwa kashi 0.04 cikin 100, abin da yawancin ayyukan yau da kullum za su iya kau da kai a kansa. Ban ga dalilin wahalar da kai da wannan lissafi a kowane awo ba, amma wajen tantance fifet ko kwalbar awo da ruwa, ko duk aikin da ake neman daidaiton da ya fi kashi 0.1 cikin 100, barinsa kuskure ne.

A naki lamarin, Malama, ranar da lambar ke hawa ki rufe mazubin da murfi ki ga ko za ta tsaya, ranar da take tsalle kuma ki ɗauke shi ki mayar sau uku ki rubuta abin da kika gani, tare da laimar ɗakin a wannan ranar. Mai gyara sai a kira shi idan dutsen ƙarfen ma ya ƙi tsayawa a ma'aunin da ya ɗumama, yana kan teburi mai ƙarfi, ƙofofinsa a rufe.