Gane kwanon rufi ta hoto: abin da shagon ya iya da abin da bai iya ba

Wani shagon kayan gini kusa da babbar kasuwar Maraɗi yana karɓar hoton tol, wato kwanon rufi, ta WhatsApp, ya faɗa maka irinsa da kuɗinsa. Na gwada shi a kan rufin da za a ƙara wa ɗaki ɗaya, inda dole sabon kwano ya hau bisa tsohon.

Wajen gane siffa sun iya aiki. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa ba su karɓe shi ba, suka ce a ɗauko bakin kwanon ta gefen da aka yanke, a shimfiɗa mita a kai. Da gaskiyarsu. Kwano mai ƙananan kwari da aka saba da shi yana da milimita 76 daga tudu zuwa tudu, zurfinsa 18. Tol bak kuwa, mai manyan kwari masu kusurwa, kowace masana'anta da nata tazarar, kuma in ta bambanta ko da santimita ɗaya ce, haɗin ba zai kwanta ba, ruwan Agusta da iska ya bi ta nan.

Fuskar kwanon sun gane ta rabi da rabi. Galba, ƙarfe mai shafen tutiya, tana da manyan zane kamar fure, na aluzenk, ƙarfe mai shafen alminiyom da tutiya, ƙanana ne, amma ƙurar hunturu da hasken rana suna ɓoye su a hoto. Mayen ƙarfe ya fi kyamara: ya kama, ƙarfe ne, bai kama ba, alminiyom ne.

Kauri ne inda ban yarda da su ba. Sun ce 35/100 ne, wato milimita 0.35, alhali babu idon da zai raba 0.35 da 0.25 a hoto. Sikeli ke raba gardama. Ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85 a murabba'in mita. Kwano mai tsawon mita 2 da aka lanƙwasa daga falle mai faɗin mita 1 zai kai wajen kilo 5.5 in 0.35 ne, in 0.25 ne bai cika kilo 4 ba. In mai fenti ne, ma'aunin kauri ma yana ƙara masa kaɗan, don da fentin yake aunawa.

Kuɗin da suke turowa na falle ɗaya ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. A ce wani jika 6 ne yana rufe faɗin santimita 80 bayan an ɗora haɗi, wani jika 7 yana rufe 100, duka tsawon mita 2. Na farko ya tashi sefa 3,750 a murabba'in mita, na biyu 3,500. In farashin bandir ne na kayan Kano, a tambayi falle nawa ke ciki da tsawonsu, a juya naira zuwa sefa da canjin ranar, sannan a ɗora kuɗin mota.