128 da Noise ko 256 kai tsaye: wanne ya fi sauƙi a kan disk?

"Salam 'yan'uwa, don Allah a taimaka. Ina haɗa hayaƙi da wutar taya mai ci a Blender, firem 250, domen ɗina kiyub ne mai mita 4 kowane gefe. Na sa Resolution Divisions a 256 na danna bek, ko firem 150 bai kai ba ya cinye min giga 60 da suka rage a laftof. Wani ya ce in koma 128 in kunna Noise wai duk ɗaya ne. Da gaske ɗaya ne? Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ɗaya ba ne gaskiya, amma wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, bari mu ajiye su gefe da gefe ka gani da idonka.

Lambar nan ta Resolution Divisions tana yanka gefen domen mafi tsawo ne zuwa gida-gida, sauran gefunan su bi girman gidan. Tunda naka kiyub ne, 128 na nufin 128 sau 128 sau 128, wato ƙananan akwatuna, boksel kenan, guda 2,097,152. A 256 kuma 16,777,216 ne. Ka ga lamba ka ninka sau biyu amma kaya ya ninku sau takwas, nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami don ido yana ganin kamar ɗan ƙari ne kawai. Kuma kowane boksel ba abu ɗaya yake riƙewa ba, akwai kaurin hayaƙi, akwai zafi, akwai harshen wuta, sai gudun iska wanda shi kaɗai lamba uku ne saboda yana da ɓangare uku. Shida kenan aƙalla, kowace lamba bayit 4 in Precision yana kan Full.

```
16,777,216 x 6 x 4 = 403 MB
403 MB x 250 = 100 GB
```

Wannan lissafin takarda ne, kafin a matse fayil, abin da za ka gani a folda yakan yi ƙasa da haka don OpenVDB, tsarin fayil ɗin da ake ajiye bekin a ciki, ba ya ajiye wurin da babu komai. To amma hayaƙin taya baƙi ne mai kauri, yana cika akwati da wuri, shi ya sa naka ya kusa kai wa rufin lissafin.

Yanzu ɗaya hanyar. In ka sa 128 ka kunna Noise da Upres Factor 2, ainihin simuleshan ɗin, wato lissafin yadda iska ke tafiya da juyawa, a 128 ake yin sa, kusan mega 50 a firem. Bayan nan sai Mantaflow, injin simuleshan ɗin Blender, ya ɗauki hayaƙin da wutar ya sake zuba su a raga mai 256 ya yaryaɗa musu ƙananan murɗe-murɗe. Gudun iska, wanda shi ne mai nauyin, ba a ajiye shi a babbar ragar. Kaurin hayaƙi da harshen wuta a 256 kusan mega 134 ne, haɗa da 50 na ƙasa ka samu wajen 185. Ka gwada da 403, bai kai rabi ba. A lokaci ma bambancin ya fi haka, saboda a 256 ban da ninki takwas na boksel, kowane boksel ya ƙanƙance da rabi, hayaƙi mai gudu yana tsallake gidaje da yawa a firem ɗaya, dole sai an ƙara yanka firem ɗin zuwa ƙananan matakai (aikin CFL Number da Timesteps kenan), sai ka ga bekin da ya kamata ya ninka sau takwas ya doshi sau goma sha shida.

Inda suka rabu da gaske shi ne motsi, kuma wannan ne abin da na fi so ka riƙe. Noise ba ya canza hanyar da hayaƙi ya bi. In a 128 ya tashi ya karkata hagu ya naɗe kamar rawani a firem 80, bayan ka yi bekin Noise zai yi hakan dai a firem 80, sai dai gefensa ya ƙara tsattsagewa. Amma ranar da ka canza Resolution Divisions daga 128 zuwa 256, sabon hayaƙi ne ka samu, tashinsa daban, faɗinsa daban, inda ya naɗe ɗazu ba lallai ya naɗe yanzu ba. Na taɓa kwana biyu ina gyara wani hayaƙi a 96 har mai aikin ya ce haka yake so, na ce bari in burge shi na ɗaga zuwa 220 na bar shi ya kwana yana bek, da safe na tarar da wani abu siriri kamar hayaƙin turaren wuta, ba shi ne wanda aka amince da shi ba sam. Tun daga nan in an ce min "wannan ya yi", lambar nan ba na sake taɓa ta, Noise nake ɗorawa.

Sai dai Noise kwalliya ce, ba ya ƙirƙiro abin da babu. A domen ɗinka mai mita 4, boksel ɗaya a 128 kusan santimita 3 ne, a 256 kuma ɗaya da rabi da 'yan kai. Duk abin da ya fi boksel siranta, kamar wayoyin cikin taya ko kwanon rufi ko ƙarfen taga, simuleshan na 128 ba ya ganinsa da kyau, hayaƙi zai ratsa shi ya wuce kamar ba komai a wurin, kuma ko ka kai Upres Factor 4 ba zai gyaru ba tunda motsin an riga an gama shi a ƙasa. Nan ko dai ka ƙara Surface Thickness a kan abin da ake karo da shi, ko ka yi masa wani kwafi mai kauri wanda ba zai fito a renda ba, ko kuma ka haƙura ka hau 256 na gaske. Haka in kyamara ta matso sosai, Noise yana tona kansa, za ka ga murɗe-murɗen duk girmansu ɗaya suna ɗan rawa a wuri guda kamar an manna su, musamman in Strength ya wuce 1. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in hayaƙin ya cika tsayin hoto mai fiksel 1080, boksel ɗaya na 256 yana cin fiksel 4, na 128 yana cin 8. In kuwa tayar tana can nesa ta cika sulusin allo kawai, 128 ɗin ma ya kusa isa ko babu Noise, 256 asarar wuri ne.

To amma ni a ganina ba 256 ne ya fi cutar da kai ba, akwatinka ne. Hayaƙin taya sama yake tafiya, me zai yi da faɗin mita 4? Matse domen ya koma 2 da 2 a ƙasa, 4 a tsaye. Girman boksel bai canza ba tunda gefe mafi tsawo yana nan, amma a 256 yanzu 128 sau 128 sau 256 ne, 4,194,304, kashi ɗaya cikin huɗu na da. Sannan a Cache ka tabbata Format na kan OpenVDB ba Uni Cache ba, Precision kan Half, wato bayit 2 a maimakon 4, a hayaƙi ban taɓa ganin bambancinsu da ido ba. Sake lissafi: 256 kai tsaye ya dawo kusan mega 50 a firem, giga 12 da rabi a firem 250. Shi kuma 128 da Noise kusan mega 23, bai cika giga 6 ba. Duka biyun sun shiga giga 60 ɗinka har da canji. Ƙara da Adaptive Domain wanda ke sa akwatin ya bi girman hayaƙin, firem na farko-farko ba za su ci komai ba, da Dissolve don hayaƙin da ya kai sama ya ɓace maimakon ya taru ya cika ko'ina.

Akwai wani ɗan tarko a hanyar Noise da ba a cika faɗa ba. In kana so ka yi bekin Data daban, ka duba, sannan ka yi na Noise daban, sai Type ya zama Modular kuma sai ka kunna Is Resumable, in ba haka ba maɓallin bekin Noise ba zai yarda ba. Shi kuma Is Resumable yana rubuta ƙarin ragogi na cikin gida a kowane firem don a iya ci gaba daga inda aka tsaya, fayil ya kumbura sosai, har ribar da ka ci ta ragu. Je ka duba, ina zargin a kunne yake a bekin da ya cika maka disk. Yadda nake yi shi ne, lokacin gwaji Modular da Is Resumable a firem 60 ko 80 kawai har in samu Strength da Scale da nake so, in na gamsu sai Free, in koma All in kashe Is Resumable in yi bekin ƙarshe gaba ɗaya. Illarsa ɗaya, in an ɗauke wuta batir ya mutu a firem 200, daga farko za ka koma. Bekin minti arba'in wannan ba komai ba ne, na awa tara kuwa sai ka yi tunani, kuma nan ma 128 ya fi kwanciyar hankali.

Kafin kowane dogon bek ka auna, kar ka yi canke. Yi cikakken bek a 64, buɗe foldar cache_fluid, ka duba girman data da noise, ka ninka sau takwas a duk ninkin rizolushan. Kuma fayilolin ƙarshe za ka kalla, irin su fluid_data_0240.vdb, ba na firem 10 ba lokacin da hayaƙi bai wuce dunƙulen hannu ba. Tunda kana wurin ka leƙa ko akwai tsofaffin foldodin cache_fluid na gwaje-gwajen baya, goge domen a cikin Blender ba ya goge su daga disk, ni na taɓa samun guda biyar kwance a gefen fayil ɗaya.

In wata rana ruwa za ka yi, wannan dabarar ba ta tafiya can kai tsaye, ruwa ba shi da Noise kuma ba shi da Adaptive Domain. Upres Factor da ke ƙarƙashin Mesh fatar ruwan kawai yake gyarawa, fantsama da ɗigo daga rizolushan na gaske suke zuwa, masu cin wuri kuma su ne Spray da Foam da Bubbles, kar ka kunna su sai ruwan ya zauna yadda kake so.

Ga tayarka dai, da ni ne zan matse akwatin, in sa Half, in tafi da 128 da Noise 2, Strength wajen 0.7 don farawa. In ka yi renda firem ɗaya daga wajen 180 ka ga gefen hayaƙin yana nuna tsani-tsani ko yana ratsa wayar tayar, to ka hau 192 tukuna kafin 256, a akwatin 2 da 2 da 4 boksel miliyan 1.8 ne kawai.