Yawan hari da xG: wanne ya fi faɗin gaskiyar wasa?

"Don Allah 'yan uwa, mene ne wannan xG da ake nunawa bayan an tashi wasa? Ashe ƙirga hare-haren da kowace ƙungiya ta kai bai wadatar ba?"

Ɗan uwa, ƙirgen hari kuɗin goro yake yi wa kowa. Wanda ya ɗaɗa ƙwallo daga yadi 30 da wanda ya same ta a bakin raga, kowanne ɗaya ake rubuta masa. Shi kuwa xG, maki yake ba kowane bugu tsakanin 0 da 1, gwargwadon yadda dubban bugu irinsa suka riƙa shiga a baya. In ka ga 0.10, ana nufin a bugu goma irin wannan, ɗaya ke shiga. Fenareti yakan samu 0.76 zuwa 0.79, ya danganta da kamfanin da ya yi lissafin, yayin da bugu daga wajen yadi na 18 yawanci bai wuce 0.03 ko 0.04 ba.

Nisa ba shi kaɗai ba ne. Wanda ke fuskantar raga daga tsakiya yana ganin faɗinta duka, wanda aka matse shi gefe kuwa ɗan lungu kawai ya rage masa, gola na tsaye a ciki. Haka kuma daga wuri ɗaya, ƙwallon da aka sa wa kai makinta bai kai na ƙafa ba, musamman a cunkoson bugun kwana, domin saita ta ya fi wuya.

Dubi wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai na 2022 a Faris. Liverpool ta kai hari 24, Real Madrid 4. A ƙirge, ninki shida ke nan, sai ka ce Madrid ba ta zo filin ba. A xG kuwa, in aka haɗa makin duk hare-haren kowace ƙungiya, Liverpool ta ɗan haura 2, Madrid ta doshi 1. Raba ka gani: kowane harin Liverpool bai cika 0.10 ba, na Madrid ya haura 0.20. Mafi yawan makin Madrid daga dama ɗaya ya fito, lokacin da Valverde ya shimfiɗo ƙwallo ƙasa-ƙasa ta ratsa gaban raga, Vinicius ya tarbe ta da ƙafa kusa da turke ya zura ta a raga a minti na 59. Saboda haka Liverpool ta fi samun dama, amma ratar ba ta kai yadda ƙirge ya nuna ba.

To me ya sa Liverpool mai 2 ta tashi ba ta ci ko ɗaya ba? Golan Madrid, Courtois, ya tare ƙwallo tara a daren. Lissafin xG yana tsayawa ne daidai lokacin da ƙwallo ta bar ƙafa, ba ruwansa da bajintar gola, kuma kuros mai haɗari da ba wanda ya taɓa sifili yake samu. Shi ya sa ni ba na yanke wa ƙungiya hukunci da xG na wasa ɗaya, sai na haɗa na wasanni goma ko fiye.