A kantin maganin Sifen, Turanci ya kusa ɗora wa maƙwabciyata ciki

Yaya, kin tambaye ni yadda ake sayen magani a nan Zaragoza. To, ba irin kemis ɗinmu na bakin layi ba ne, inda za ki ce "a haɗa min" a ƙulle miki a leda. Nan sai an yi miki tambayoyi, kuma magani irin su amoksisilin ba ya fita sai da takardar likita.

Kwanan baya na raka wata maƙwabciyata 'yar Kaduna, mai Turanci kamar ruwa, basir ya matsa mata. Mai kantin namiji ne, ga mutane a layi. Tana so ta ce kunya take ji, sai ta ɗauko embarrassed ta sa mata wutsiyar Sifananci, ta ce "estoy embarazada". Nan take mutumin ya janye kwalin da ya miƙo, ya tambaye ta sati nawa. Abin da ta faɗa shi ne tana da juna biyu. Matar da mijinta ya shekara a Najeriya! Sai da na sa baki. Na dai yaba masa, domin ya ƙi ba ta komai kafin ya tabbatar. A gida wa zai tambaye ki?

Abin haushin, kalmomin biyu dangi ne. Asalin embarazar a Sifananci shi ne tare hanya ko hana sakewa. Faransanci ya ara, Turanci ya karɓa daga Faransanci ya karkatar da ita wajen kunya, su kuwa Sifaniyawa suka riƙe ta ga mai ciki. Mu ma ai muna cewa mace ta yi nauyi, muna kuma jin nauyin suruki. Mai jin kunya a nan "me da vergüenza" yake cewa. Don a ƙara rikita baƙo, embarazoso kuma yana nufin abin da ke sa kunya.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce constipado. Mai Turanci zai ɗauka bushewar ciki ce, alhali mura ce. Ka faɗe ta cikinka na ƙulle, a ba ka maganin toshewar hanci, wanda wani irinsa ke tayar da hawan jini. Bushewar ciki estreñimiento suke ce mata. Haka intoxicado, ba lallai maye ba ne, galibi gurɓataccen abinci ne ya ɓata ciki.

Sauran na dariya ne: ki nemi carpeta a ba ki jakar takardu maimakon darduma, sopa kuwa miya ce, ba sabulu ba.

Na lura 'yan Nijar da ke nan ba su cika faɗawa ramin embarazada ba. Wanda bai sani ba sai ya nuna da yatsa ko ya tambaya. Mu 'yan boko ne muke shiga kanti da gadara, mu liƙa wa Turanci "o" ko "a" a ƙarshe, mu tsaya jiran a gane mu.

Ki gaida Inna. Idan an sami mai tahowa a aiko min da daddawa, nan babu ta ko ta rantsuwa.