Kuɗin faɗaɗa gidan burodi a Damagaram: banki, asusu ko abokin jari?

Mai gidan burodin da ke son ƙara tanda ya fara tambayar kansa: abin da zan saya, a wata nawa zai maido da kuɗinsa? Fulawa da yis suna komawa kuɗi cikin mako guda. Tanda kuwa sai ta yi shekaru tana gashi kafin ta biya kanta, don haka bashinta ma dole ya zama mai dogon wa'adi.

A ɗauka tanda da injin kwaɓa za su ci miliyan 6 na sefa, ribar gidan kuma bayan faɗaɗawa jaka 600 ce a wata. In banki ya ba da kuɗin a kan ruwa kashi 12 cikin ɗari na shekara 3, biyan wata zai kai kusan jaka 200. Gidan zai iya ɗauka. Wahalar tana wajen shiga: za a nemi RCCM, wato rajistar kasuwanci, da NIF, wato lambar haraji, da littafin ciniki, galibi kuma da takardar fili a matsayin jingina. A tambayi kuɗin buɗe takardu da na inshora tun da wuri, a kuma roƙi jinkirin wata 2 ko 3 kafin a fara biya, domin tanda ba ta fara aiki ranar da aka sa hannu. Wanda ke gudun riba ya nemi murabaha a bankin Musulunci, inda bankin zai sayi tandar ya sayar masa da ƙayyadadden ƙari.

Asusun haɗin gwiwa ya fi saurin amsawa, sau da yawa ajiyarka da mai tsaya maka sun isa. Amma dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta bar ruwan bashin irin waɗannan asusai ya kai kashi 24, wa'adinsu kuma gajere ne. Miliyan 6 a kan kashi 20 na shekara guda ya haura jaka 550 a wata, kusan ribar duka ke nan. Rana ɗaya masu tallan Kasuwar Dole suka makara da kuɗin burodin da suka ɗauka, biya ya tsaya. A ganina asusu na buhunan fulawa ne, musamman gab da azumi.

Abokin jari shi ne mai daɗin farko: babu jingina, watan da aka faɗi ku raba asarar. To amma in kasonsa kashi 30 ne na ribar jaka 600, jaka 180 ke nan kowane wata, kuma bayan shekara 3, lokacin da mai bashin banki ya gama, shi yana nan yana karɓa. In ba ka da takardar fili, karɓi jarinsa, amma ko yayanka ne ku rubuta a gaban shaidu: albashinka nawa kafin a raba riba, wa ke riƙe littafi, kuma nawa za ka biya in ka tashi saye kasonsa.