Sharhi a kan ƙwayar tarbinafin da ruwan shafawa na amorolfin, bayan shekara uku ina jinyar farcen ƙafa

Babban farcen ƙafata ta dama ya fara sauya launi ne daga gefe ɗaya na bakinsa, wani ɗan layi mai ruwan ɗorawa wanda na ɗauka tuntuɓe ne ya haifar da shi. Cikin shekara guda launin ya gangara har kusa da gindin farcen, farcen ya yi kauri ya ɗago daga naman da ke ƙarƙashinsa, kuma duk lokacin da na kai shi wurin mai yankan farce sai wani gari mai kama da alli ya riƙa zubowa daga ƙasansa. Daga baya farata biyu na kusa da shi suka kama. Aikina a ɗakin ajiyar kaya ne, inda nake wuni cikin takalmi rufaffe da safa tun safe har bayan la'asar, kuma nakan yi alwala in mayar da safa a kan jiƙaƙƙiyar ƙafa saboda gaggawar komawa bakin aiki. Na ambaci wannan tun farko ne domin shi ne ya zama tushen duk abin da ya biyo baya.

Kafin in je asibiti na ɓata watanni ina shafa wani man fata da aka ba ni a kemis, irin wanda ake cewa yana maganin ƙaiƙayi da makero da ƙuraje gaba ɗaya. Bai taɓa farcen ba ko kaɗan, domin man fata ba ya ratsa farce mai kauri ya isa inda cutar take. Likitar fata da na gani daga baya ta ƙara da cewa yawancin irin waɗannan mayuka na gamin gambiza suna ɗauke da sinadarin sitiroid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi amma yana ba cutar damar yaɗuwa a fata.

Abin da ya fara burge ni da likitar shi ne ba ta rubuta magani a ranar farko ba. Ta yanki ɗan farcen, ta kankaro garin da ke ƙarƙashinsa daga can ciki, ta aika ɗakin gwaji domin a ga ko fungas ne, wato ƙwayar cuta dangin funfuna. Ta ce mini, "Malam, kusan rabin faratan da suka lalace haka ba fungas ba ne, akwai na bugewa, akwai na matsin takalmi, akwai na wasu cututtukan fata, kuma ba zan sa ka sha ƙwaya wata uku a kan zato ba." Sakamakon dubawa da madubin likita ya fito cikin kwanaki, amma shuka ƙwayar cutar domin a san ainihin nau'inta ya ɗauki kusan mako huɗu. Jiran ya dame ni a lokacin, sai dai yanzu ina ganin shi ne mataki mafi amfani a duk jinyar. Fungas ɗin da ya fi kama farce dangin wanda ke haddasa makero da cin ruwan tsakanin yatsu ne, kuma shi ne tarbinafin ya fi ƙarfi a kai. Amma a ƙasashe masu zafi irin namu akwai wasu nau'o'in funfuna da ke zaune cikin ƙasa da tsirrai, suna kama farcen masu yawo ba takalmi, kuma su wannan ƙwaya ba ta cika yi musu komai ba. Nawa ya fito a cikin nau'in farko.

An yi mini gwajin jini na hanta kafin in fara shan tarbinafin, har da na ciwon hanta nau'in B, domin ba a ba mai ciwon hanta wannan magani. An kuma tambaye ni magungunan da nake sha, saboda wasu ba sa jituwa da shi, misali rifamfisin na tarin fuka yana rage ƙarfinsa a jiki. Ƙa'idar shan ita ce ƙwaya ɗaya ta miligiram 250 kullum har mako 12 ga farcen ƙafa, alhali farcen hannu mako 6 yake buƙata. Sau ɗaya a rana abu ne mai sauƙi, kuma da azumi ya riske ni a tsakiyar shan sai na mayar da ita bayan buɗa baki ba tare da na rasa ko kwana ɗaya ba. Illar da na gani ita ce ɗan tashin zuciya da kumburin ciki a mako biyun farko, wanda ya lafa da na riƙa shan ta bayan cin abinci. An gargaɗe ni in dakata in koma asibiti nan take idan fitsarina ya yi duhu, ko idona ya yi ruwan ɗorawa, ko ƙuraje suka feso mini, ko na daina jin ɗanɗanon abinci. Babu ɗaya daga ciki da ya same ni.

Inda nake so in tsaya sosai shi ne batun lokaci, domin a nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa maganin jabu ne. A ranar da na sha ƙwaya ta ƙarshe, farcena yana nan da kaurinsa da launinsa, in ban da wani siririn sashe mai tsabta da ya fito a gindinsa, wanda faɗinsa bai wuce milimita huɗu ba. Da ba a yi mini bayani ba da na ce kuɗina sun tafi a banza. Dalilin shi ne maganin ba ya gyara farcen da ya riga ya lalace, yana kashe cutar ne ya kare sabon farcen da ke tsirowa daga gindi, tsohon kuma sai ya tura gaba an yanke shi a hankali. Farcen ƙafa yana tsawo da kimanin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ne kawai a wata, saboda haka babban farce yana ɗaukar wata 12 zuwa 18 kafin ya sauya gaba ɗaya, kuma ya fi haka jinkiri ga tsofaffi da waɗanda jini ba ya zagaya ƙafarsu da kyau. Maganin kuma yana zama a cikin farcen yana aiki watanni bayan an daina sha, shi ya sa wata uku ke isa.

Likitar ta yi wata dabara da ta kwantar mini da hankali. Ta yi ɗan tsaga a saman farcen daidai kan iyakar da ke tsakanin sashe mai lafiya da mai ciwo, ta ce in riƙa duba shi a farkon kowane wata. Idan tsagan yana matsawa gaba kuma bayansa fes yake, magani ya ci. Idan kuwa ruwan ɗorawar ya tsallako tsagan ya nufo gindi, to cutar tana da rai, sai in dawo. Na riƙa ɗaukar hoton yatsan da waya a wuri ɗaya cikin haske ɗaya, domin ido ba ya lura da sauyin milimita guda. Ƙananan faratan biyu sun warke cikin kusan wata tara, babban kuma sai a wata na 14 na yanke ragowar ruwan ɗorawar ta ƙarshe.

Bayan kimanin shekara guda layin ya sake bayyana a gefen farcen nan dai. Ban ɗora wa maganin laifi ba, domin da na koma aka duba tsakanin yatsuna na huɗu da na biyar sai ga fatar ta yi fari tana saɓulewa, tafin ƙafar kuma yana ɓarewa kamar gari, abin da na daɗe ina ɗauka kaushin hunturu ne. Cin ruwa ne, kuma fungas ɗaya ne da na farcen. Daga fata yake shiga ƙarƙashin farce, musamman farcen da ya taɓa ɗagowa ya bar ƙofa. Sannan takalman da na yi shekarun ciwon da su ne na ci gaba da sawa, alhali ƙwayayen cutar suna iya rayuwa watanni a cikin takalmi da safa. Na kuma koma wurin mai yankan farce da ke bi da wuƙa ɗaya daga ƙafa zuwa ƙafa. Dawowar wannan ciwo ba baƙon abu ba ne ko ga wanda ya kiyaye, domin wani lokaci ƴan ƙwayayen da suka ɓuya a cikin kaurin farcen ne ke farfaɗowa, wasu mutanen kuma jikinsu ya fi saurin kamuwa, kamar masu ciwon sukari. Amma a nawa lamarin hanyar dawowar a bayyane take.

A karo na biyu, da yake an kama shi da wuri bai kai rabin farcen ba kuma bai taɓa gindinsa ba, sai aka ba ni amorolfin, wani ruwa mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 da ake shafawa kamar jan farce. Sau ɗaya a mako ake goge saman farcen da abin gogewa da ke zuwa cikin kwalin, a share da audugar barasar asibiti, a shafa, a bar shi mintuna kaɗan ya bushe. Ga farcen ƙafa ana ci gaba da haka wata 9 zuwa 12. Hukuncina a kansa shi ne yana da amfani ga ƙaramin ciwo da kuma tsare farce bayan warkewa, amma wanda farcensa ya yi kauri har gindi kamar nawa na farko kada ya sa rai da shi kaɗai. Yana kuma da wahalar ɗorewa, domin abin da ake yi sau ɗaya a mako ya fi saurin mantuwa a kan abin da ake yi kullum, sai da na ɗaure shi da daren Juma'a sannan na daina tsallakewa. Da yake yana bushewa ya zama siririn rufi a kan farce, wanda ke da damuwa game da alwala ya kamata ya tambayi malaminsa kafin ya fara, kamar yadda ni ma na yi.

Tare da shi na shafa man tarbinafin na fata a tsakanin yatsu da tafin ƙafa har mako biyu, kuma wannan karon man ya yi aiki domin fata aka nufa da shi. Na zubar da tsofaffin takalman aiki, na sayi ƙafa biyu ina musanyawa domin kowanne ya samu kwana guda ya bushe. Safa kuwa ina sauyawa kullum, a wanke ta da ruwan zafi a shanya a rana. Na ajiye ƙaramin tawul a wurin aiki ina tsane tsakanin yatsu bayan kowace alwala, kuma na sayi abin yankan farce nawa na kaina wanda ba na ba kowa aro, ko a cikin gida.

Yanzu wata 11 ke nan da fara amorolfin, layin ya fita, amma farcen bai koma kamar na ƙafar hagu ba. Yana da ɗan tudu a gefe kuma ya fi ɗan'uwansa kauri, likitar ta ce shekarun da ya yi a ɗage sun sauya naman da ke ƙarƙashinsa, mai yiwuwa haka zai zauna ko da babu sauran cuta. Ta ba ni shawarar in ci gaba da shafawa lokaci-lokaci domin kariya, in kuma fara duba tsakanin yatsu kafin in duba farcen, musamman da damina, domin a can ne alamar farko take fitowa.